Yadda Ake Fitar da Tebur daga PDF ɗin Darasi Zuwa Excel, a Tsaftace Shi, a Yi Masa Zane na Gabatarwa

Cire tebur daga PDF aikin minti biyu ne. Abin da ke cin lokaci shi ne tabbatar da cewa lambobin da suka sauka a Excel su ne ainihin waɗanda ke cikin takardar. PDF ba ya adana tebur a matsayin tebur. Abin da yake riƙewa shi ne wurin da kowane harafi zai zauna a shafi, sai layukan da aka ja. Idonka ne ke haɗa su ya ga jeri da ginshiƙi. Duk manhajar da za ta cire tebur ɗin, hasashe take yi daga tazarar haruffa, kuma idan ta yi kuskure ba ta faɗa maka.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce a darasin kididdiga an ba ku PDF, a ciki akwai tebur na mutanen da aka yi wa gwajin ido, an kasa su ta shekaru. Jeri huɗu na farko suna ƙasan shafi na 14, sauran suna saman shafi na 15, inda aka maimaita kanun tebur. Lambobin na koyarwa ne kawai:

| Shekaru | 2021 | 2022 | 2023 |
|---|---|---|---|
| 0-4 | 1,240 | 1,315 | 1,402 |
| 5-9 | 980 | 1,050 | 1,118 |
| 10-14 | 865 | 902² | 951 |
| 15-19 | 710 | 744 | – |
| 20-24 | 655 | 690 | 733 |
| 25-29 | 590 | 612 | 648 |
| Jimilla | 5,040 | 5,313 | 4,852 |

Ka lura da ƙaramin 2 da ke kan 902, da ɗan jan layin da ke gurbin 15-19 na 2023. Su biyun za su ba mu aiki nan gaba.

Fara gane irin PDF ɗin da ke hannunka

Buɗe fayil ɗin, ka ja linzamin kwamfuta a kan wata lamba cikin tebur. Idan lambar ta haskaka ita kaɗai, rubutu ne na gaske. Idan shafin gaba ɗaya ya haskaka, ko babu abin da ya motsa, hoto ne aka yi sikanin. Za ka iya ƙarawa da `Ctrl+F` ka nemi 1,240. In bai samo ba alhali kana kallonta, hoto ne.

Akwai nau'i na uku mai yaudara: hoton sikanin da aka riga aka bi da OCR, wato manhajar da ke karanta haruffa daga hoto, aka ɓoye rubutun a bayansa. Yana haskaka kamar rubutu, amma abin da za ka kwafa karatun na'ura ne, ba abin da idonka ke gani ba. Ana gane shi idan ka ƙara girman shafi zuwa 400%: gefen haruffa zai yi ɓurɓushi, wani lokaci shafin ya ɗan karkace. Irin wannan, ka ɗauke shi kamar hoto wajen bincike.

Cirewa idan rubutu ne

A Excel na Microsoft 365 a kan Windows, buɗe sabon fayil ka bi `Data` > `Get Data` > `From File` > `From PDF`. Zaɓi fayil ɗin. Taga mai suna `Navigator` za ta buɗe da jerin abubuwa iri biyu: masu suna kamar `Table001 (Page 14)`, su ne teburan da ya gano, da masu suna kamar `Page014`, wato shafi sukutum. Lambar shafin da yake nunawa ƙirge ce daga farkon fayil, ba wadda aka buga a ƙasan takarda ba, don haka kana iya samun bambancin shafi biyu ko uku saboda bango da jerin abin da ke ciki. Danna kowanne ka duba samfurinsa a dama.

Tunda tebur ɗinmu ya rabu gida biyu, sa alama a `Select multiple items`, ka zaɓi gutsuren shafi na 14 da na 15. Sai ka danna `Transform Data`. Kada ka danna `Load` tukuna, don shi zai zube maka komai da dattinsa.

Yanzu kana cikin `Power Query Editor`. A dama akwai `Applied Steps`, jerin matakan da aka yi wa bayanan. Sau da yawa za ka tarar ya riga ya sa `Promoted Headers` da `Changed Type` da kansa. Goge su a gutsuren duka biyun, ta danna alamar giciye da ke gefensu, har sunayen ginshiƙai su koma `Column1` zuwa `Column4`. Dalili kuwa, haɗa tebur biyu da sunan ginshiƙi ake yin sa. Idan guda yana da 2021 a kansa, ɗayan yana da `Column2`, za a ɗauke su abubuwa daban, ka samu ginshiƙai takwas kamar matakalar bene, rabinsu cike da `null`. Wanda ya ga wannan matakala, to sunaye ne ba su dace ba. Haka kuma ka ƙirga ginshiƙan kowane gutsure. Idan ɗaya ya fito da biyar, akwai wani na banza da ba komai cikinsa sai `null`. Danna kansa da maɓallin dama ka zaɓi `Remove`.

Daga nan sai `Home` > `Append Queries` > `Append Queries as New`, na shafi na 14 a farko. A sabon tebur danna `Use First Row as Headers`. Kanun da aka maimaita a shafi na 15 yanzu yana tsakiyar bayanai kamar jeri na biyar. Danna ɗan kibiyar da ke kan ginshiƙin Shekaru ka cire alamar da ke kan kalmar Shekaru, jerin zai ɓace. Idan `Changed Type` ya sake bayyana bayan ɗaga kanun, sake goge shi. Zaɓi ginshiƙai duka, ka mai da su `Text`, sannan `Close & Load`. Da gangan muke barin lambobi a matsayin rubutu a wannan mataki, don mu ga kowane gurbi yadda ya fito kafin Excel ya taɓa shi.

Wanda Excel ɗinsa ba shi da `From PDF`, manhajar Tabula za ta yi masa. Kyauta ce, tana buƙatar Java, tana buɗewa a burauza amma fayil ɗin ba ya barin kwamfutarka. Ka ja akwati a kan tebur a kowane shafi, ban da taken tebur da bayanan ƙasa, ka danna `Preview & Export Extracted Data`. Tana da hanya biyu. `Lattice` tana bin layukan da aka ja tsakanin gurabe, ita ce ta tebur mai shinge ta ko'ina. `Stream` tana bin sararin da ke tsakanin rubutu, ita ce ta tebur marar layukan tsaye. In ka ga ginshiƙi biyu sun narke wuri guda, canza zuwa ɗayar. Fitar da shi a CSV.

Amma kada ka buɗe CSV ɗin da dannawa sau biyu. Idan ka yi haka, Excel zai ga 5-9 ya ɗauka kwanan wata ne, ya mai da shi `9-May` ko `05-Sep` gwargwadon saitin kwamfutar, 10-14 kuma ya koma wani abu na watan Oktoba. 0-4 da 15-19 za su tsira, don babu watan sifili ko na sha biyar, shi ya sa ɓarnar take wuce ido: jeri biyu kawai ta taɓa. Kuma canza fasalin gurbin zuwa rubutu daga baya ba ya dawo da 5-9, sai dai ya ba ka lamba mai gida biyar. Shigo da shi ta `Data` > `From Text/CSV` > `Transform Data`, ka mai da ginshiƙan `Text` kamar yadda aka yi a sama. Wannan ɓarnar ce dai ke faruwa ga mai kwafa daga PDF ya liƙa kai tsaye.

Idan hoto ne

Tebur mai lamba goma sha bakwai kamar namu, ka buga shi da hannu kawai. Minti biyar ya isa, kuma ko OCR ka yi amfani da shi, sai ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka fara bugawa, zaɓi ginshiƙin shekaru ka mai da shi `Text`. Idan tebur ɗin ya kai jeri hamsin ko fiye, ƙara girman shafin, ka ɗauki hoton tebur kaɗai, ka bi `Data` > `From Picture`. Zai nuna maka gurabun da yake shakka ka gyara kafin a saka. Inda OCR ya fi tuntuɓe sananne ne: sifili da harafin O, 1 da ƙaramin l, 5 da S, 8 da B, sai waƙafi da ɗigo da kan musanya ko su ɓace idan sikanin ya dusashe. In kai ne za ka yi sikanin, sa 300 dpi, ka daidaita takardar kada ta karkace.

Tsaftacewa da bincike

Sa wa fallen da haɗaɗɗen tebur ɗin ya sauka suna Asali, kada ka gyara komai a cikinsa. Tebur ɗin da Power Query ya zuba, duk ranar da aka danna `Refresh` zai koma yadda ya fito, gyaran da ka yi da hannu ya tafi. Buɗe sabon falle mai suna Tsafta. A nan ma mai da ginshiƙin A `Text` tukuna, sannan ka kwafi kanu da sunayen rukunai ka liƙa da `Paste Special` > `Values`. A gurbin B2 sa wannan, ka ja shi dama zuwa D, ƙasa zuwa jeri na 7:

```
=NUMBERVALUE(SUBSTITUTE(Asali!B2,CHAR(160),""),".",",")
```

Abin da yake yi biyu ne. `CHAR(160)` wani sarari ne da ba ya rabuwa, kamanninsa ɗaya da sararin da aka saba, kuma yakan biyo rubutun da aka ciro daga PDF. `TRIM` ba ta cire shi, shi ya sa mutum zai yi ta sharewa lambar ta ƙi zama lamba. Sai `NUMBERVALUE`, wadda ka gaya wa cewa ɗigo ne ke raba cikakkiyar lamba da gutsure, waƙafi kuma na dubbai ne. Idan littafin an rubuta shi da tsarin da ake sa 1.240 a nufi dubu da ɗari biyu da arba'in, juya alamomin biyu na ƙarshe. In ba haka ba za ka samu ɗaya da ɗigo biyu huɗu, kuma babu wani gargaɗi. Wasu kwamfutocin suna raba sassan fomula da `;` maimakon waƙafi. Idan Excel ya ƙi karɓa, duba nan.

Gurbin D5 zai nuna `#VALUE!`, saboda ɗan jan layin nan. Koma PDF ka karanta bayanin ƙasan tebur, don jan layi a wani littafi yana nufin sifili, a wani yana nufin ba a samu bayani ba. A namu, a ce an rubuta ba a tattara ba. To goge fomular ka bar gurbin fayau. Kada ka sa 0, domin sifili yana cewa ba wanda ya zo gwaji, wannan kuwa magana ce da takardar ba ta yi ba. Ka kula kuma, `NUMBERVALUE` takan mai da gurbi fanko sifili, don haka duk 0 da ya bayyana a Tsafta ka duba asalinsa.

Jerin Jimilla ba ya cikin bayanai, amma kada ka jefar da shi, shi ne ma'auninka. Bar jeri ɗaya fanko, sannan a jeri na 9 ka buga jimillar da ke cikin PDF da hannunka, kana kallon takardar: 5040, 5313, 4852. A jeri na 10 ka haɗa naka, a na 11 ka fitar da bambanci:

```
=SUM(B2:B7)
=B10-B9
```

Ja su zuwa D. Abin da ake so shi ne sifili uku. A misalinmu 2021 da 2023 za su ba da sifili, 2022 kuwa za ta nuna 13,433 maimakon 5,313, bambancin 8,120. Duba ginshiƙin, za ka ga 9022 a gurbin 10-14. Ƙaramin 2 na bayanin ƙasa ne ya sauko ya manne wa 902. Wannan ya fi kowane kuskure haɗari, don lamba ce sosai, Excel ba shi da dalilin yin ƙorafi. Goge fomular ka buga 902, ka shafa wa gurbin launi don ka tuna da hannu aka gyara shi. Je ka karanta abin da alamar ta 2 take cewa ma. Idan ta ce ƙiyasi ne, sai an faɗa a gabatarwa.

Girman bambancin yakan nuna maka inda matsalar take. Idan ya yi daidai da wata lamba a ginshiƙin, a ce ka samu 3,800 maimakon 5,040, gibin 1,240 ne, wato wannan gurbin rubutu ne har yanzu kuma `SUM` ta tsallake shi. Za ka gan shi jingine a hagu alhali 'yan'uwansa suna dama, wani lokaci da ɗan koren kusurwa. Idan jimillarka ta ninka ta takarda, ka haɗa da jerin Jimilla a lissafi. Idan kuma da hannu ka buga, bambancin ya rabu da 9 ba saura, nemi inda ka juya lambobi biyu, kamar 856 a wurin 865. Bambancin 1 ko 2 a teburan kaso cikin ɗari yawanci daga taƙaita lambobi ne da marubucin ya yi, ba laifinka ba.

Ƙara da ƙirge. Jeri shida sau ginshiƙi uku gurbi 18 ne, ɗaya fanko, saura 17:

```
=COUNT(B2:D7)
```

`COUNT` lambobi kaɗai take ƙirgawa. In ta ba da 16, akwai rubutu ɓoye. Jimilla ba ta kama kuskure ɗaya, wato idan jeri biyu suka musanya wuri ko lambobi suka zame jeri ɗaya ƙasa, abin da kan faru idan sunan rukuni ya yi tsawo ya karye layi biyu. Don haka duba jeri na farko, na ƙarshe, da biyun da ke bakin rabuwar shafi, wato 15-19 da 20-24, ka gwada su da takarda. Tebur da ba shi da jerin jimilla kuwa ba shi da gajeriyar hanya: mutum ɗaya ya karanta daga PDF, ɗaya ya bi a Excel.

Kada ka jera ginshiƙin shekaru da `Sort A to Z`. Tunda rubutu ne, 5-9 zai koma can ƙarshe bayan 25-29.

Zanen

Kafin ka taɓa `Insert`, tambayi kanka me kake son masu sauraro su gani. Mai gaggawa zai zana jimillar shekara uku, 5,040, 5,313, 4,852, ya ce adadi ya ragu a 2023. Ba haka ba ne. Jimillar 2023 ba ta ƙunshi rukunin 15-19 ba. Cire 744 daga ta 2022, saura 4,569. Idan ka gwada da 4,852 ƙari ne na 283. Saboda haka zanen da ya dace shi ne wanda ke nuna kowane rukuni da kansa, gibin ma ya fito fili.

Zaɓi A1 zuwa D7 kaɗai, ban da jerin bincike. Bi `Insert` > `Recommended Charts` > `All Charts` > `Column` > `Clustered Column`. Ya kamata ka ga rukunai shida a ƙasa, kowanne da sanduna uku, sai 15-19 mai biyu. Idan shekarun 2021 zuwa 2023 ne suka jeru a ƙasa, danna `Switch Row/Column` a `Chart Design`. Idan kuma ka ga wasu dogayen sanduna da suka kai dubu biyu, Excel ya ɗauki shekarun kanu a matsayin adadi. Goge kalmar da ke A1 ka bar shi fanko, ka sake yin zanen. Zanen da'ira ba na nan ba ne, shekara ɗaya kawai yake ɗauka.

Danna lambobin gefen hagu sau biyu, `Format Axis` zai buɗe. Sa `Minimum` 0, `Maximum` 1600, `Major` 400. Sanda tsayinta ake karantawa, idan ma'auni ya fara daga 500, 590 da 1,240 za su yi kama da ɗaya da takwas alhali ɗaya da biyu ne. Excel yakan ɗaga mafarin da kansa idan lambobi sun kusanci juna, shi ya sa ake kafe shi da hannu. Danna wata sanda, ka sa `Series Overlap` 0%, `Gap Width` wajen 70%, sandunan su yi kauri.

Launi kuma, tunda shekaru a jere suke, ɗauki launi ɗaya mai mataki uku: mai haske na 2021, matsakaici na 2022, mai duhu na 2023. Ko an buga a baƙi da fari za a bambance su. Kada mai hasken ya yi fari da yawa, majigi yana wanke launi. Lambobi a kan sanduna 17 cunkoso ne. Sa `Data Labels` a kan na 2023 kaɗai. Rubuta sunan ma'aunai ta `Axis Titles`: Rukunin shekaru a ƙasa, Adadin mutane a gefe. Goge taken da ke cikin zanen, silaid zai ɗauki nasa.

Kai shi PowerPoint

Kwafi zanen, ka danna maɓallin dama a silaid, za ka ga zaɓuɓɓukan liƙawa. Masu `Link Data` suna ɗaure zanen da fayil ɗin Excel, gyara a can zai iya bayyana a nan, amma idan ka kai silaid wata kwamfuta ba tare da fayil ɗin ba, ba za ka iya gyara lambobi ba. Masu `Embed Workbook` suna cusa fayil ɗin Excel gaba ɗaya cikin silaid, har da fallayen da ba ka yi niyyar nunawa ba, duk wanda ka tura wa zai iya buɗe su. `Picture` hoto ne, ba ya canzawa a kowace kwamfuta, ba ya gyaruwa kuma. Lokacin da kake shiri yi amfani da mai ɗauri. Kwafin da za ka miƙa ko ka nuna a kwamfutar wani, hoto ya fi kwanciyar hankali.

Idan hoto za ka liƙa, fara girmama rubutun a Excel, don jan hoto yana dusar da shi. Rubutun ma'auni da na bayanin launuka kada ya gaza maki 18 a silaid. Ja zanen ta kusurwa, ba ta gefe ba. Taken silaid ya faɗi abin da aka gano: Adadi ya ƙaru kowace shekara a rukunan da aka samu bayanansu. A ƙasa, da rubutu mai maki 12 zuwa 14, sa sunan darasi, lambar tebur da shafi na 14 zuwa 15, da layi guda mai cewa ba a tattara bayanan 15-19 a 2023 ba, da abin da alamar 902 ta ƙunsa. Danna `F5`, ka ja baya taku biyar ko shida daga allon, ka gwada karanta lambar da ke kan sandar 25-29. In ba ta karantu ba, ƙara maki biyu ka sake kwafa.